Kiran bidiyo a intanet ɗin ofis ko makaranta: inda yake maƙalewa, da abin da VPN ke canjawa

Matsalar tana da kama ɗaya kusan ko'ina. Shafuka suna buɗewa, imel na shiga yana fita, gwajin gudun intanet ma ya nuna lamba mai kyau. Amma da zarar an shiga taron Zoom, Teams ko Meet, sai a ga sunayen mahalarta ba a jin muryar kowa, ko a ji murya tana yankewa tana dawowa a guje, ko hoto ya daskare na daƙiƙa biyu sannan ya zabura. Mutum ya cire kwamfutar daga Wi-Fi ɗin ofis ya jona ta da datar wayarsa, wadda ba ta kai rabin gudun na ofis ba, sai komai ya tafi sumul. Wanda ya ga haka yakan ce intanet ɗin ofis ba shi da ƙarfi. Galibi ba ƙarfi ne ya gaza ba, hanya ce aka rufe.

Kira ɗaya, hanya biyu

Duk kiran bidiyo yana tafiya ne ta hanya biyu daban, kuma wanda ya gane wannan ya gane rabin matsalar. Hanya ta farko ita ce ta shiri: shigar da suna da kalmar sirri, jerin mahalarta, saƙonnin rubutu, sanarwar cewa wane ya ɗaga hannu. Wannan duka yana bin hanyar da shafukan intanet ke bi, wato tsarin aika bayanai mai suna TCP, ta ƙofa mai lamba 443, kuma babu ofishin da zai rufe ta, domin rufe ta daidai yake da kashe intanet ɗin gaba ɗaya. Hanya ta biyu ita ce ta murya da hoto, kuma ita wani tsarin daban mai suna UDP take so.

Bambancin TCP da UDP shi ne tushen komai a nan. Bayanai a intanet gunduwa-gunduwa suke tafiya, kowace ana kiranta fakiti, kuma TCP ba ya yarda fakiti ko ɗaya ya ɓace. Idan na biyar ya ɓata a hanya, na shida da na bakwai za su tsaya jira har a sake aiko na biyar ɗin, sannan a miƙa su a jere. Ga takarda ko hoton da ake saukewa, wannan shi ne daidai. Ga murya kuwa illa ce. Manhajar kira takan yanka magana gunduwa-gunduwa, kowace kusan milisakan 20, wato fakiti 50 a daƙiƙa ɗaya. In ɗaya ya ɓace, kunne da ƙyar zai lura, manhajar ma takan cike gurbin da kanta. Amma in aka tsayar da duk na baya ana jiran wanda ya ɓace, sai a ji shiru na ɗan lokaci, sannan maganar ta zubo a tare da sauri. UDP ba ya jiran kowa, abin da ya wuce ya wuce, shi ya sa masu ƙera manhajojin kira suka zaɓe shi.

To katangar tsaro ta ofis ko makaranta, wadda masu sana'ar ke kira fayawol, sau da yawa an kafa ta ne a kan ƙa'idar a hana komai sai abin da aka ba izini. Abin da aka ba izini kuwa yakan zama ƙofa 80 da 443 na TCP da abin da ake buƙata don neman adireshin shafuka. Ba mugunta ba ce, tsari ne mai ma'ana ga wanda aka ɗora wa amanar kwamfutoci ɗari. Sai dai sakamakonsa shi ne hanyar shiri a buɗe take, hanyar murya a rufe. Shi ya sa kake shiga taron, ana ganin sunanka, amma ba a jin ka.

Abin da manhajar ke yi kafin ka ji murya

A 'yan daƙiƙun da allon ke nuna Connecting, manhajar na gwada hanyoyi ne. Kwamfutarka a cikin ofis tana da adireshi na cikin gida, irin wanda ya fara da 192.168 ko 10, wanda ba a iya kiransa daga waje. Na'urar bakin ƙofar ofis ce ke musanya shi da adireshin waje guda ɗaya da kowa ke amfani da shi, aikin da ake kira NAT. Don haka manhajar takan fara tambayar wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima a intanet, mai suna STUN, galibi ta UDP ƙofa 3478: da wane adireshi da wace ƙofa kike gani na? In amsa ta dawo, sai ta gwada aika murya ta nan. In hakan bai yiwu ba, sai ta nemi saba mai tsayawa a tsakani, wato TURN, ta miƙa mata muryar ita kuma ta isar. In UDP a rufe yake ƙirif, mataki na ƙarshe shi ne ta cusa murya da hoto cikin TCP ta ƙofa 443, su fita kamar shafin intanet.

Wannan matakin na ƙarshe shi ke ruɗa mutane, har da wasu masu kula da intanet ɗin. Kiran yana haɗuwa, don haka sai a ce ai ba a toshe komai ba. Alhali muryar tana tafiya ne ta hanyar da ba a yi don ita ba. Da sassafe, kafin mutane su cika, ba za a ga aibu ba. Da layin ya fara cunkoso, fakiti suka fara ɓacewa jefi-jefi, sai jiran nan na TCP ya bayyana, kuma shi ne daskarewa da zaburar da ake gani.

Akwai kuma wuraren da ko wannan mafakar ba ta tsira. Wasu ofisoshi suna tilasta duk abin da zai fita ya bi ta furoksi, wato sabar da ke fita intanet a madadin kwamfutocin ciki, wasu kuma katangarsu na buɗe ɓoyayyen saƙo ta duba cikinsa ta sake rufewa. Irin wannan binciken yana ƙara jinkiri, kuma idan katangar ta ga abin da ke wucewa ta 443 bai yi kama da shafi ba, tana iya yanke shi. A nan kiran ba ya haɗuwa sam, ko ya haɗu ba murya ba hoto.

Gano inda ciwon yake

Mataki na farko shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi, kuma shi ya fi faɗin gaskiya. Da kwamfuta ɗaya, manhaja ɗaya, taro ɗaya, kashe VPN in akwai, ka gwada a Wi-Fi ɗin ofis, sannan ka koma datar wayarka. In matsalar ta biyo ka, to ba katanga ba ce, ka duba kyamara, makirufo, izinin burauza ko nauyin da ke kan kwamfutar. In ta tsaya a ofis, mu ci gaba. Abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowane gwaji. Wanda ya canja waya da layi da manhaja a lokaci guda, ko ya dace ba zai san me ya gyara ba.

Mataki na biyu, ka kalli lambobin da manhajar ke bayarwa yayin da kiran ke gudana. A Zoom suna cikin Settings, ƙarƙashin Statistics. A Teams ana kiran wurin Call health. A Meet akwai Troubleshooting & help. Lamba uku ce ke da amfani. Ta farko jinkiri, lokacin da fakiti ke ɗauka a hanya, ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa in jinkirin zuwa kawai bai wuce milisakan 150 ba, hira takan tafi ba tare da an ji wani abu ba, in ya yi nisa da haka kuma sai mutane su fara cin karo da maganar juna. Ta biyu ita ce wadda allon ke rubutawa Jitter, wato rashin daidaiton isowar fakiti, wani da wuri wani a makare. Ana son ya zauna ƙasa da milisakan 30. Ta uku ɓacewar fakiti, Packet loss, wadda ake son ta tsaya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Ka lura babu gudun intanet a cikin ukun nan. Kiran mutum biyu da hoto mai kyau ba ya cin fiye da megabit ɗaya da rabi zuwa huɗu, don haka layin megabit 100 na iya kasa abin da layin megabit 5 ke yi lafiya.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi ba da hujja, kuma a kansa nake so a daɗe. Ka shiga taron ta burauzar Chrome ko Edge maimakon manhajar da aka girka. Kafin ka shiga, buɗe wani shafi ka rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://webrtc-internals
```

A Edge ana fara shi da edge, a Firefox kuma about:webrtc ne. Ka bar shafin a buɗe, ka shiga taron, ka dawo. Rubutu ne mai yawa, kada ya tsorata ka. Abin da kake nema shi ne layin candidate-pair da aka zaɓa, wanda Chrome ke nunawa da rubutu mai kauri, sannan ka duba bayanin local-candidate ɗinsa. Wuri biyu za ka karanta. Wurin candidateType zai nuna host, srflx, prflx ko relay. Ukun farko na nufin muryar na fita ba tare da sabar tsakani ba, relay kuma na nufin TURN ce ke ɗauke da ita. Wurin protocol zai nuna udp ko tcp, kuma in relay ne sai ka duba relayProtocol, wanda zai ce udp, tcp ko tls. Ganin relay kaɗai ba abin damuwa ba ne matuƙar ta udp yake tafiya. Ganin tcp ko tls a ofis, alhali a datar waya udp ka gani, shi ne shaidar da ba a musu da ita: katangar ta rufe UDP. Ka ɗauki hoton allon duka biyun.

Kada a dogara da ping ko umarnin Test-NetConnection na Windows don tabbatar da wannan. Ping wata hanya yake bi daban, shi kuma gwajin ƙofa na Test-NetConnection TCP kawai yake gwadawa. Duka biyun za su iya cewa lafiya lau alhali UDP a kulle yake.

Yanayin lalacewar ma yana ba da labari. Kiran da ke haɗuwa lafiya sannan ya mutu bayan kusan rabin minti, kullum a daidai wannan lokaci, yakan nuna cewa fakitin amsa ba sa dawowa, ko katangar na saurin mantawa da ramin UDP da ta buɗe don amsa ta dawo ta nan. A tsarin WebRTC, wanda burauza ke yin kira da shi, in aka yi daƙiƙa 30 ba amsa daga ɗaya ɓangaren, dole a daina aikawa. Kana jin su ba sa jin ka, ko akasin haka, yakan zama ƙa'idar da ta buɗe gefe ɗaya ta bar ɗaya, bayan an tabbatar ba makirufo ba ne. Kiran da ke lafiya da mutum biyu amma ya rushe da zarar aji guda ya kunna kyamara, ko dai layin fita ne ya cika, ko katangar ta ɗauki ruwan fakitin UDP a matsayin hari ta fara zubar da su. Wannan na ƙarshe yana faruwa a makarantu, domin ɗalibai da yawa na fita da adireshi ɗaya zuwa saba ɗaya a lokaci ɗaya.

Abin da VPN ke yi wa kiran

VPN ba ya ƙirƙiro sabuwar hanya. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki kowane fakiti, ya rufe shi cikin wani fakitin, kamar wasiƙar da aka sa cikin ambulan na biyu aka rubuta wani adireshi a bayansa. Katangar ofis ba za ta ƙara ganin UDP mai zuwa Zoom ba, abin da take gani shi ne zance ɗaya tsakanin kwamfutarka da sabar VPN. A can ake buɗe ambulan ɗin a tura abin da ke ciki inda za shi. Daga wannan abu ɗaya duk amfanin VPN da duk illarsa ga kira suke fitowa.

Tambaya ta farko: shi kansa VPN ɗin ta wace hanya ya fita? VPN na da tsarin haɗuwa iri-iri: WireGuard UDP kaɗai yake amfani da shi, galibi ƙofa 51820. IKEv2 yana buƙatar UDP 500 da 4500. OpenVPN yakan fara da UDP 1194, amma ana iya saita shi ya bi TCP 443. Ke nan katangar da ta rufe UDP gaba ɗaya za ta hana WireGuard da IKEv2 haɗuwa tun farko. Manhajar VPN da aka bari a kan Automatic sai ta lallaɓa ta koma TCP 443 ba tare da ta gaya maka ba, ta nuna maka alamar an haɗu. Yanzu shafin webrtc-internals zai nuna udp, ka yi murna, alhali UDP ɗin yana kwance ne cikin TCP, kuma duk fakitin da ya ɓace zai tsayar da na bayansa kamar da. Ka ƙara nisa, ba ka kawar da jira ba. Mafi muni shi ne a samu TCP cikin TCP, inda na ciki da na waje kowanne ke sake aika abin da ya ɓace, suna ƙara wa juna cunkoso. Don haka kafin ka yanke hukunci, buɗe saitin VPN ɗin ka ga wane tsari ya haɗu da shi a zahiri.

Inda VPN ke gyara kira da gaske shi ne katangar da ta toshe ƙofofin manhajar kira ko adiresoshinta, ko take rage musu gudu da gangan, amma ta bar wata ƙofar UDP da VPN zai iya bi. A nan muryar na tafiya UDP cikin UDP, ba jira, kuma kuɗin da aka biya ɗan ƙarin jinkiri ne kawai.

Tambaya ta biyu ita ce nisa, kuma wannan lissafi ne da ba a yi masa dabara. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. In sabar VPN ta ƙara wa tafiyar kilomita 5,000, an ƙara milisakan 25 zuwa, 50 zuwa da dawowa, kafin a lissafa karkacewar waya da tsayawa a na'urorin hanya, waɗanda kan sa lambar ta fi haka. Akwai kuma ɓoyayyiyar asara: manhajar kira na zaɓar sabarta ne bisa inda take zaton kake. In ka fito ta VPN a wata nahiya, sai ta haɗa ka da sabar can, ko da wanda kake magana da shi yana ɗakin da ke kusa da naka. In dole ne a yi kira ta VPN, a zaɓi saba mafi kusa, ba wadda aka saba zaɓa don kallon bidiyo ba.

Tambaya ta uku girman fakiti. Layin da aka saba yana ɗaukar fakiti har bayit 1500, abin da ake kira MTU. Ambulan na biyu yana cin wuri, shi ya sa WireGuard kan rage nasa zuwa 1420. In wani wuri a hanya ya fi haka ƙunci kuma VPN bai sani ba, ƙananan fakiti za su wuce, manya su maƙale. Fakitin murya ƙarami ne, na hoto da na nuna allo manya ne, sukan kai kusan bayit 1200. Don haka alamar ita ce murya garau, hoto baƙi ko a daskare, ko shiga taron ma ya tsaya a tsakiya. A Windows ana gwadawa haka, VPN na kunne:

```
ping -f -l 1472 8.8.8.8
```

An zaɓi 1472 ne domin akwai bayit 28 na kan fakiti da ke cika shi 1500. In ka ga Packet needs to be fragmented but DF set, ka riƙa rage lambar har amsa ta dawo, sannan ka ƙara 28, ka sami MTU na gaskiya. A WireGuard mai 1420, lambar 1392 ya kamata ta wuce. In ba ta wuce ba, shiru kawai kake gani sai ka sauko ƙasa sosai, to a rage MTU a saitin VPN ɗin zuwa abin da gwajin ya nuna. Wasu katangun sukan hana ping gaba ɗaya, don haka fara gwada shi ba tare da -f da -l ba.

VPN ɗin wurin aiki daga gida

Zuwa nan maganar wanda ke cikin ofis muka yi. Amma akwai juyin lamarin, kuma yana damun mutane da yawa: ma'aikaci na gida, intanet ɗinsa lafiya, kira lafiya, sai ya kunna VPN ɗin ofis don ya buɗe wata takarda, nan take taron ya lalace. Dalili shi ne an saita VPN ɗin ya kwashe komai, ba abin ofis kaɗai ba. Muryarsa na barin gida, ta tafi ofis, ta bi ta katangar nan da ta rufe UDP, sannan ta fita duniya, amsa ma ta dawo ta nan. Da hannunsa ya mayar da kansa bayan katangar, ya kuma shiga layi ɗaya da duk sauran ma'aikatan da ke gida.

Maganin shi ne raba hanya, abin da saitin ke kira split tunneling: abin ofis ya bi VPN, murya da hoto su fita kai tsaye ta intanet ɗin gida. Microsoft da kansa haka ya ba da shawara game da Teams. Ba a rasa tsaro sosai da wannan, domin muryar da hoton dama a ɓoye suke tafiya tun daga manhajar. Don sanin ko an raba hanyar, buɗe PowerShell, VPN na kunne, ka tambayi Windows ta ina za ta kai ga ɗaya daga adiresoshin Teams:

```
Find-NetRoute -RemoteIPAddress 52.112.0.1
```

Duba InterfaceAlias. In ya nuna Wi-Fi ko Ethernet, an raba. In sunan VPN ɗin ya nuna, muryarka ofis take zuwa yawo. Wannan saiti ne da mai kula da VPN ke yi daga wajensa, ba ma'aikaci ba.

Mu bi misali ɗaya har ƙarshe

A ce malama tana koyar da darasi ta Meet daga ɗakin malamai, ɗalibai na kukan muryarta na yankewa. Ta gwada da datar waya, ba matsala. Ta buɗe webrtc-internals: a waya udp, a Wi-Fi ɗin makaranta tcp. A ce jinkirin zuwa da dawowa milisakan 70 ne a waya, a makaranta kuma yana tsalle daga 60 zuwa 400 ya dawo. Tsallen nan shi ne sawun jiran TCP. Da nisa ne matsalar, da lambar ta zauna a sama wuri ɗaya.

Wani abokin aiki ya ba ta shawarar VPN. Ta zaɓi WireGuard, ya ƙi haɗuwa. Wannan ƙin ma bayani ne, domin ya nuna ba Meet kaɗai aka toshe ba, UDP ne gaba ɗaya, ko kuma an toshe VPN ɗin da gangan. Ta mayar da shi Automatic, ya haɗu ta TCP 443. Shafin bincike ya koma nuna udp, amma jinkirin ya tashi zuwa 150 yana tsalle har 500, ɗalibai suka ce gara ɗazu. Duk abin da ya faru ya dace da lissafi: jiran yana nan, an ɗora masa nisa.

Abin da ya rage mata shi ne ta kai wa mai kula da intanet ɗin makarantar hotunan allo biyu, da buƙata takamaimiya. "Intanet ba ya aiki" ba ya kai kowa ko'ina, shi zai duba ya ga yana aiki. Amma in ta ce, "Malam, Meet na komawa TCP a layinmu, ga shaida, don Allah a buɗe UDP mai fita zuwa ƙofa 3478 da 19302 zuwa 19309, zuwa adiresoshin Meet kaɗai," ta ba shi aikin da zai iya yi cikin ɗan lokaci ba tare da ya karya tsaronsa ba.

Ga mai kula da katangar

Nan gyaran gaskiya yake, kuma bai da faɗi kamar yadda ake tsoro. Ba a neman a buɗe komai mai shigowa daga waje. UDP mai fita ake nema, zuwa ƙofofi ƙididdigaggu da adiresoshin kamfanin kaɗai, katangar kuma ta bar amsar ta dawo ta ramin da aka fita. Teams na son UDP 3478 zuwa 3481, zuwa rukunin adireshi irin su 52.112.0.0/14 da 52.122.0.0/15. Zoom na son UDP 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810. Meet na son 3478 da 19302 zuwa 19309, kuma ga masu asusun Google Workspace rukunin 74.125.250.0/24 ne. Kowanne kamfani yana wallafa cikakken jerinsa yana kuma sabunta shi, don haka a ɗauko na ranar daga shafinsu kafin a rubuta ƙa'ida.

Bayan buɗe ƙofa, a cire waɗannan adiresoshin daga furoksi da binciken ɓoyayyen saƙo, domin ba abin da katangar za ta iya karantawa a cikin murya da aka riga aka ɓoye, jinkiri kawai take ƙarawa. A cire su daga kariyar da ke zubar da UDP in ya yi yawa, ko a ɗaga iyakarta. A duba tsawon lokacin da katangar ke riƙe ramin UDP kafin ta manta da shi. In akwai na'urar taro ta ɗaki mai amfani da SIP, a gwada kashe SIP ALG, wanda sau da yawa shi ke haddasa murya mai tafiya gefe ɗaya. Sannan a lissafa layin fita: kyamara talatin, kowace na tura kusan megabit ɗaya da rabi, megabit 45 ke nan na hawa, kuma layuka da yawa saukarsu ta fi hawansu nesa ba kusa ba. In nan ne ƙuncin, buɗe ƙofa ba zai wadatar ba, sai an ba murya fifiko a layin ko an rage masu kunna kyamara.

Kafin gyaran ya iso

Ina ganin bai dace ma'aikaci ko ɗalibi ya kunna VPN na kansa don tsallake katangar wurin ba tare da izini ba. Wurare da yawa sun haramta shi a rubuce, ana kuma iya gane shi cikin sauƙi, kuma a kwamfutar aiki yana nufin ka bi da bayanan wurin ta sabar wani da ba su sani ba. VPN na kyauta ya fi muni ta wannan fuska, ga cunkoso kuma. In taron na gaggawa ne, datar waya ta fi tsabta matuƙar dokar wurin ta yarda. In ofis na da Wi-Fi na baƙi, a tambaya, domin wani lokaci ƙa'idarsa ta fi sassauci.

In kuma dole a zauna a layin da ke tura kira ta TCP, a rage masa kaya. Kashe kyamararka, ka rage ingancin hoton da kake karɓa ko ka kashe shi, tun da duk fakitin hoton da ya ɓace yana iya tsayar da murya a bayansa. Jona kwamfutar da kebul na Ethernet in akwai, domin Wi-Fi mai cunkoso na ƙara ɓacewar fakiti, kuma a kan TCP kowace ɓacewa tsayawa ce. Dakatar da manhajojin da ke loda fayil a bayan fage. In taron na da lambar da ake kira ta waya, a ɗauki murya ta nan a bar kwamfuta ta nuna allo kawai. Sannan a gwada burauza in manhajar ta ƙi, ko manhajar in burauza ta ƙi, domin ba kullum suke bi ta furoksi iri ɗaya ba, kuma wani lokaci ɗaya na wucewa inda ɗayar ta maƙale.